Me za ka ba kamfani? Sharhi kan wasiƙar neman ɗaukar nauyi a Arlit

Daga watan Afirilu zuwa Mayu, daraktocin makarantu da shugabannin ƙungiyoyin matasa na Arlit da Akokan suna shiga lokacin rubuta wasiƙu. Ƙarshen shekarar karatu ya gabato, ana son raba kyaututtuka ga yaran da suka yi zarra, ana son gasar ƙwallo tsakanin unguwanni, ana son makon al'adu. Kusan dukan wasiƙun jikinsu ɗaya ne. Suna buɗewa da gaisuwa mai tsawo, su yabi karamcin kamfani, su ambaci cewa yara su ne manyan gobe, sannan su rufe da cewa ana jiran taimako "gwargwadon hali". Wasiƙar ta faɗi abin da makaranta ke so, wani lokacin ma ba ta faɗi adadinsa ba, amma ba ta da layi ko ɗaya a kan abin da kamfanin zai samu. Ni a ganina wannan giɓin ne ke kashe yawancin irin waɗannan takardu kafin a kai ga karanta shafi na biyu, kuma a Arlit giɓin yana da tarihi.

Garin nan kamfani ne ya haife shi. An kafa SOMAÏR a 1968, ta fara fitar da yuraniyom a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara aiki a ramin Akuta a 1978, Akokan kuma ta tashi saboda ita. Gidajen ma'aikata da asibitoci da ruwan famfo duk ta hannun kamfanonin suka zo, wutar ma daga gawayin SONICHAR na Cirozerin ake kawo ta saboda ma'adinan. A irin wannan gari mutum yana girma da sanin cewa idan ana buƙatar rumfa ko mota ko buhun siminti, akwai ofishin da ake kai takarda. Kuma kamfanin haƙar yuraniyom ba ya sayar wa mutanen gari komai. Babu uwar ɗalibin da za ta je kasuwa ta sayi kilo ɗaya na yuraniyom saboda ta ga sunan SOMAÏR a jikin rigar ɗanta. Don haka ba a taɓa tilasta wa marubutan wasiƙa su yi tunanin ciniki ba. Roƙo ake yi, wani lokaci da ladabi, wani lokaci da ɗan tunin cewa ƙasarmu kuke haƙa, a kuma samu ko a rasa.

Wannan zamanin ya ja baya. COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan da ke ƙarƙashin ƴan kwangila. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Benin, fitar da kaya ya tsaya wa SOMAÏR. A Yuni 2024 gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren daga hannun Orano, a Yuli na shekarar ta karɓe na Madawela daga GoviEx, sannan a Yuni 2025 ta sanar da mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Kowa na da ra'ayinsa kan waɗannan matakai, kuma ba su ne batun yau ba. Abin da ya shafi daraktan makaranta shi ne, tsohuwar ƙofar ta ƙuntata, masu ƙwanƙwasa ta kuma sun ƙaru. Ƙofofin da suka rage a buɗe na wasu irin kamfanoni ne: na waya kamar Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Télécoms, na aika kuɗi kamar Nita, Amana da Al Izza, na sufuri kamar Rimbo, sai bankuna, gidajen mai, masu ruwan leda da manyan ƴan kasuwar da zinariyar Cibarakaten ta ɗaga tun 2014. Waɗannan duk suna da abin sayarwa a cikin gari. Wasiƙar da aka saba aika wa kamfanin ma'adinai, idan aka canja sunan sama kawai aka aika musu, ta yi kuskuren adireshi ko da ta isa ofishin da ya dace.

Bambancin yana cikin aljihun da kuɗin ke fitowa. A kamfani akwai kuɗin kyauta, wanda ake bayarwa don alheri ko don zaman lafiya da maƙwabta, akwai kuma kuɗin talla, wanda ake kashewa don a samu masu saye. Na farkon ƙarami ne, kowa ma shi yake hari. Na biyun ya fi kauri, amma wanda ke riƙe da shi dole ya yi wa na sama da shi bayanin abin da ya saya da shi. Duk wanda ya kalli kokawar takobin ƙasa da aka yi a Agadas a Disamba 2023 ya ga ƙyallayen kamfanoni kewaye da fili. Ba don tausayin ƴan kokawa aka rataya su ba, an rataya su ne saboda ƙasar gaba ɗaya tana kallo a talabijin. Bikin makarantar Akokan ba shi da talabijin, amma yana da abin da za a iya ƙirgawa a sayar, in an san yadda ake ƙirga shi.

Bari mu ɗauki misali, da alƙaluman da na tsara don lissafi, ba na wata makaranta ba ne. A ce kwaleji ce a Akokan mai aji 12, tana son bikin raba kyaututtuka a ƙarshen Yuni. Kwamiti ya zauna ya fitar da kasafi. Hayar rumfuna huɗu sefa 60,000, kujeru 400 sefa 40,000, lasifika da janareta da mansa 75,000. Ruwan sha da ƙanƙara 50,000, wanda a zafin Yuni na Arlit ba ado ba ne. Kyauta ga yara uku na farko a kowane aji, wato yara 36, kowane jaka da littattafai da kayan lissafi na 10,000, ya kama 360,000. Riguna 100 na yaran da za su yi wasa da masu tsare oda 250,000, ƙyallen talla biyu 40,000, sanarwa goma a rediyon gari 25,000. Jimla sefa 900,000.

Abin da aka saba yi shi ne a rubuta wannan jimla, ko a cika ta miliyan ɗaya don kada a yi asara, a buga kwafi takwas, a raba wa kamfanoni takwas. Kowane manaja ya san an kai wa sauran bakwai, saboda garin ƙarami ne kuma da yawa masallaci ɗaya suke sallar Juma'a, sai kowa ya jira wani. Hanyar da ta fi ita ce a yanka kasafin gida-gida, a ba kowa yankin da ya dace da bukatarsa. Ƙungiyar iyaye ta fara ɗaukar rumfuna da kujeru da lasifika, 175,000, a kuma rubuta hakan a cikin kowace wasiƙa, domin mai kuɗi ya fi sakin hannu idan ya ga masu abin sun riga sun zuba nasu. Ruwa a nema wajen mai kamfanin ruwan leda na gari, a nemi ruwan kansa maimakon kuɗi, tunda abin da makaranta za ta saya 50,000 shi bai kai masa haka ba, kuma sunansa yana jikin kowace leda. Saura yanki biyu: abin da ake gani, wato riguna da ƙyallaye da rediyo, 315,000, da kuma kyaututtuka, 360,000. Waɗannan biyun ba wasiƙa ɗaya za su ci ba.

Na farkon na kamfanin aika kuɗi ne ko na waya. Ga yadda cikin wasiƙar zai iya kasancewa, bayan gaisuwar layi biyu:

"Ranka ya daɗe, muna neman kamfaninku ya ɗauki nauyin riguna 100, ƙyallen talla biyu da sanarwar rediyo goma, a kan sefa 315,000. Takardun farashi daga masu aikin suna haɗe, kuma kuna iya biyan su kai tsaye. Mun tanadi kujeru 400, wajen 300 na iyaye da baƙi ne. A madadin haka, tambarinku shi kaɗai zai hau rigunan da ƙyallayen, za a ambaci sunanku a kowace sanarwa, wakilinku zai yi magana ta minti uku, kuma za ku kafa teburi a bakin ƙofa daga ƙarfe bakwai har a watse. Ba za mu gayyaci wani kamfanin aika kuɗi ba. Cikin mako biyu za mu kawo muku rahoto da hotuna da rasit."

Ba ta kai rabin shafi ba, amma dubi abin da manajan zai yi da ita. Zai raba 315,000 da manya 300, ya ga kowane mutum ya tsaya masa kimanin sefa 1,050. Zai tambayi kansa ko su wane ne waɗannan mutane, kuma amsar tana da daɗi a Arlit fiye da wurare da yawa, domin gari ne na baƙi. Akwai wanda iyalinsa ke Tawa, akwai mai aika wa tsohuwa kuɗi Maraɗi ko Damagaram duk ƙarshen wata, akwai matan da mazansu ke ramin zinariya suna turo na cefane. Wannan ita ce hujjar da ya kamata wasiƙar ta ƙara da jimla ɗaya, kuma ita ce ake mantawa a tsaya ana yabon ilimi. Teburin bakin ƙofa ya fi tambari daraja a wurinsa, saboda a nan ne zai buɗe wa mutane asusu a waya, ya koma ofis da adadin da zai rubuta wa Yamai. Alkawarin cewa abokin gasarsa ba zai shigo ba kuwa, wataƙila shi ne abu mafi tsada a duk wasiƙar, kuma makaranta ba ta kashe ko dala a kansa ba.

A nan ne kuma ake kama maƙaryaci. Kwamitoci suna son rubuta cewa mutum dubu uku za su halarta. Manajan ba sai ya zo ba, zai juya shafin kasafi ya ga kujeru 400 da rumfuna huɗu, ya gane cewa ko dai adadin ƙarya ne, ko kuma mutum 2,600 za su tsaya a ranar Yuni. Daga nan ba zai ƙara yarda da sauran alƙaluman ba, har na gaskiyar. Ƙaramin adadi da za a iya nunawa a hoto ya fi babba da aka ƙaga. Haka ma farashi: wanda ke buga riguna duk wata ya san kuɗin riga, idan ya ga an ninka sai ya ɗauka ana neman na aljihu. Shi ya sa nake ganin a bar wa kamfani zaɓin biyan mai aiki da kansa, ko ya kawo rigunan daga rumbunsa. Wasu ƴan kwamiti ba sa son wannan, kuma dalilin rashin son nasu shi ne dalilin da ya sa manajoji ke sonsa.

Yankin kyaututtuka labarinsa daban. Shi ne za a kai wa kamfanin ma'adinai, ko SOMAÏR, ko SONICHAR, ko SOMIDA mai aikin Dasa tsakanin Agadas da Arlit, ko wani ɗan kwangilarsu. A nan maganar masu saye ba ta da amfani, kuma alkawarin tambari a riga ba ya motsa kowa, tunda babu wanda bai san sunansu ba a garin. Abin da irin wannan kamfani ke bukata daga makaranta iri uku ne. Yana bukatar ma'aikatan gobe, masu walda, masu gyaran lantarki, masu aikin ɗakin gwaji, kuma ana matsa masa ya ɗauki ƴan yankin. Yana bukatar ma'aikatansa na yau su zauna da iyalansu a gari maimakon su nemi komawa kudu saboda karatun yara. Yana kuma bukatar abin da zai rubuta a rahotonsa ga gwamnati da masu hannun jari. Don haka wasiƙar ta faɗi yara nawa a makarantar ne ƴaƴan ma'aikatansa ko na ƴan kwangilarsa, abin da rajistar makaranta za ta nuna cikin yini guda. Ta ba da shawarar a sa wa kyautar lissafi da kimiyya sunan kamfanin, injiniyansa ya miƙa ta da hannunsa, ya yi wa ƴan ajin BEPC bayanin irin karatun da ke kai mutum aikin. Ta kuma rarrabe yara mata nawa, maza nawa. Wannan rarrabewa ba ƙa'idar banza ba ce: a yarjejeniyar da Orano ta sa wa hannu da gwamnatin Nijar a Mayu 2023 an ambaci yuro miliyan 40 na ayyukan jama'a zuwa 2030, karatun ƴan mata na cikin abin da aka lissafa. Al'amura sun sauya tun daga lokacin, amma darasin yana nan. Kamfani yakan faɗi a fili abin da ya yi alkawarin kashe kuɗi a kai, kuma wasiƙar da ta faɗa cikin wannan layi ta sauƙaƙa wa jami'in aikinsa.

Wani kuskure da ake yi wa kamfanonin ma'adinai shi ne cusa komai a takarda ɗaya. Ana neman kyautar yara, sai a ƙara da cewa rufin aji uku ya yaye, babu tebura, bangon makaranta ya faɗi. Duk gaskiya ne, amma waɗannan hanyarsu daban. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa, kuma gini da gyara suna bi ta tsarin ma'aikatar magajin gari da hukumar ilimi. Jami'in da zai iya sa hannu kan 360,000 a mako guda ba zai iya sa hannu kan gini ba. Idan aka haɗa su, ƙaramar bukatar takan bi babbar zuwa kwamitin da ba zai zauna ba sai bayan an yi bikin an watse.

Lokaci ma yana kashe wasiƙa mai kyau. Wakilin kamfanin waya ko na aika kuɗi a Arlit galibi ba shi ke yanke hukunci ba. Zai tura Agadas, kilomita wajen 240 a kan hanyar da kowa ya san halinta, daga can a tura Yamai. Ko da an amince, rigunan sai an buga su a wani gari an ɗoro su a mota. Wasiƙar bikin ƙarshen Yuni da ta fita a farkon Yuni ta makara tun kafin a sa mata hatimi. A kai ta a Maris ko farkon Afirilu, kwafi biyu, a sa sakatare ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya a dawo da ita. Ta ɗauki sa hannun darakta da na shugaban kwamitin iyaye, tare da amincewar sufeton ilimi, domin kamfani ba ya son ya wayi gari ya ji hukuma ba ta san da taron ba. Idan kuɗi za a bayar, asusun ya kasance da sunan kwamiti mai sa hannu biyu. Lambar wayar mutum ɗaya a ƙasan wasiƙa a matsayin wurin tura kuɗi ta isa ta sa a ajiye takardar. Bayan kwana goma a koma da ƙafa, a kuma faɗi ranar da kwamiti ke bukatar amsa, saboda alkawarin keɓe fili ga kamfani ɗaya yana ɗaure hannun makaranta, ba za ta iya zuwa wurin abokin gasarsa ba sai na farkon ya ce a'a.

Akwai masu cewa duk wannan mayar da makaranta kasuwa ne, kuma a gari kamar Arlit, inda aka kwashe fiye da shekara hamsin ana fitar da arziki, bai kamata a ce sai yara sun biya da talla kafin a saya musu littafi ba. Ban raina wannan magana ba. Ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen ta daɗe tana magana kan ƙura da ruwa da tarin dusar ma'adinai da ke bayan gari, kuma wannan bashi ne da jakar makaranta 36 ba za ta biya ba. Amma daidai saboda haka ne nake son wasiƙar ta zama ciniki mai iyaka. Wanda ya karɓi kyauta marar sharaɗi a rubuce yakan ji nauyin baki, ya kasa tambaya a taron gari gobe. Wanda ya rubuta cewa kun ba da 360,000, mun ba ku suna a kan kyauta da minti biyar a lasifika, ya biya, babu saura. Shirun iyaye ba ya cikin abin da aka sayar.

Iyakar tana da wasu sassa da ya kamata kwamiti ya yanke tun kafin manaja ya tambaya. Teburin kamfani ya tsaya a bakin ƙofa wurin manya, kada ya shiga aji. Jerin sunaye da lambobin wayar iyaye ba na sayarwa ba ne, duk wanda ke son buɗe asusu ya je teburin da ƙafarsa. Hoton yaro ba zai hau allon talla ba sai da yardar iyayensa, kuma hoton rahoto daban yake da hoton talla. Taba da caca ba su da wuri a filin makaranta ko nawa za su bayar. Kada kuma a yi alkawarin abin da ba ya hannun makaranta, kamar zuwan gwamna, ko fitowa a talabijin na ƙasa, ko ragin haraji. Akawun kamfani ya fi darakta sanin dokar haraji, kuma babban baƙon da bai zo ba ya zama bashi a wuyan kwamiti.

Sai rahoton da aka yi alkawari, wanda a nan ne kwamitoci da yawa ke faɗuwa, domin bayan biki kowa ya gaji, jarrabawa ta ƙare, malamai sun kama hanyar gida hutu. Shafi ɗaya ya isa: mutum nawa suka zo bisa ƙirgen kujeru, sau nawa rediyo ya ambaci sunan da kuma ranakun, hoton ƙyalle a rataye da mutane a ƙarƙashinsa, kwafin rasit, da abin da ya rage idan ya rage. Idan wani alkawari bai cika ba, a ce rigunan sun iso 80 maimakon 100 ko iska ta yaga ƙyalle ɗaya, a rubuta shi kafin wakilinsu ya rubuta. A naɗa mutum ɗaya tun kafin ranar, wanda aikinsa kawai ɗaukar hoto da tara rasit ne, kada a bar wa darakta da zai kasance yana tarbar baƙi. Yawancin kamfanoni suna tsara kasafin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, don haka a sake kai kwafin rahoton a Oktoba, bayan komawa makaranta, tare da ranar bikin baɗi da adadin da za a nema.